Hausar da ke ɓoye a cikin wasiƙarka ta neman aiki

Kwanakin baya wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, ya turo mini wasiƙar da ya rubuta don neman aikin akanta a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kano. Ya ce, "Yaya, ka duba mini ko akwai kuskuren harafi." Na duba, ban sami ko ɗaya ba, domin kwamfuta ta riga ta gyara masa. Ga abin da ya rubuta, kuma ya yarda in sanya shi a nan:

"Dear Sir, With due respect and humble submission, I hope this letter meets you in good health. I want to apply the post of accountant in your reputable organisation. I am having B.Sc. in Accounting and I am working with a private company since 2021. I know computer very well. Please sir, help me and consider me. I will try my best. Yours sincerely,"

Da na gama karantawa sai na mayar da ita Hausa a zuciyata, kalma bayan kalma, na ga ta zauna daram. Ga gaisuwa da ladabi, ga fatan an same ka lafiya, ina so in nemi aiki, ina da digiri, ina aiki tun shekara kaza, na iya kwamfuta, don Allah a taimaka a duba ni, zan yi iya ƙoƙarina. Wasiƙar Hausa ce mai kyau, an dai sa mata tufafin Turanci. Ra'ayina shi ne, yawancin kurakuran da ke cikin wasiƙunmu ba daga rashin sanin Turanci suke fitowa ba. Suna fitowa ne daga wasu 'yan wurare ƙalilan inda ƙirar Hausa ta saɓa wa ta Turanci, kuma wanda ya san waɗannan wurare ya fi wanda ya haddace littafin nahawu saurin kama kansa.

Bari in fara da "I am having", domin shi ne ya fi bayyana asalin matsalar. A maganar yau da kullum, Hausa ba ta cika amfani da aikatau na musamman wajen nuna mallaka ba. Abin da muke yi shi ne mu ɗauko sigar nan ta aikin da ke gudana, wadda ke cikin "ina tafiya" da "ina karatu", mu haɗa ta da "da": ina da mota, tana da digiri. Yaron da aka koya wa a firamare cewa "ina tafiya" shi ne "I am going" ya riga ya ɗaure "ina" da "I am ... -ing" a ƙwaƙwalwarsa, don haka "ina da" sai ya fito a "I am having". Turanci kuwa ya ware wasu kalmomin aikatau da ke bayyana hali ko yanayin da mutum yake ciki, kamar mallaka da sani da yarda, kuma a al'ada ba ya sa su a sigar aikin da ke gudana. Ana cewa "I have a degree", "I know", "I believe". Bature kan ce "I am having lunch", amma a nan ma'anar ta koma ci, wato aikin da ake kan yi. Saboda haka mai karanta "I am having B.Sc." yana iya tsayawa ya yi tunani: ya samu digirin ne, ko yana kan yin sa? A wasiƙar neman aiki wannan shakka ba ƙarama ba ce.

Jimlar da ke biye da ita ciwonsu ɗaya. Mu da Hausa muna cewa "ina aiki a can tun 2021", kuma babu wata gargada, domin kalmar "tun" ta ɗauke nauyin nuna cewa abin ya faro daga baya. Turanci ba ya barin "since" ta ɗauki nauyin ita kaɗai, sai aikatau ma ya nuna cewa abu ya fara a baya kuma yana nan har yau: "I have worked there since 2021", ko "I have been working there since 2021". Idan kuma mutum ya bar wurin, sai sigar ta sauya gaba ɗaya zuwa "I worked there from 2018 to 2021". Wannan bambanci labari yake ba mai ɗaukar aiki, domin daga shi zai gane ko kana da aiki a hannu yanzu ko babu. Akwai ƙaramin tarko a gefe: "since" tana tafiya da lokacin da aka fara, "for" kuma da tsawon lokacin. "Since three years" kuskure ne, "for three years" ake cewa.

Sai ƙananan kalmomi, waɗanda ido ke tsallakewa. Hausa tana da hanyar nuna abin da aka riga aka sani, kamar "-n" a "yaron" da "-r" a "motar", tana kuma da "wani" da "wata", amma ba ta tilasta wa kowa ya sa komai a gaban suna. "Ni akanta ne" cikakkiyar magana ce. Turanci kuwa, idan suna tilo ne kuma abin da ake ƙirgawa ne, ba ya barin sa tsirara: "I am an accountant", "I have a B.Sc." Juyin wannan kuma shi ne sunayen da Turanci bai ɗauke su abin ƙirgawa ba alhali mu muna da jam'insu. Muna da bayanai da shawarwari da kayayyaki, sai hannu ya rubuta "informations", "advices", "equipments". Ba a ƙara musu harafin jam'i. Haka ma "staffs" idan ana nufin ma'aikata: "40 staff" ko "40 members of staff". Game da "apply the post" kuwa, "nemi aiki" a Hausa ba ya buƙatar komai a tsakani, amma Turanci yana neman "for" ga aikin, "to" ga ma'aikatar. Abin dariyar shi ne a wani wurin akasin haka ke faruwa: muna tattaunawa "a kan" batu, sai mu rubuta "discuss about", alhali "discuss" ba ta son rakiya.

Duk waɗannan ana gyara su cikin minti goma. Abin da ya fi ba ni wahala da ƙanen nawa shi ne farkon wasiƙar da ƙarshenta, domin a nan ba nahawu muke jayayya a kai ba, tarbiyya ce. Ya ce mini, "Yaya, ta yaya zan faɗa wa babban mutum buƙatata ban gaishe shi ba?" Yana da gaskiya a Hausance. Wanda ya shiga ofis ya fara da buƙata ba sallama ba gaisuwa, za a ce ba shi da kunya. Amma wasiƙar aiki ta Turanci ta ajiye ladabinta a wani wuri dabam: a gajarta magana, a faɗin aikin da ake nema tun a jimlar farko, a rage wa mai karatu wahala. Ma'aikacin da ke da tulin wasiƙu a gabansa yana neman abu biyu, wane aiki kake nema, me kuma ka iya. Tambayar lafiyarsa tana jinkirta masa duka biyun. Adalci ne kuma in faɗi cewa ba duk wannan ne laifin Hausa ba. Kalamai irin su "humble submission" da "I beg to apply" ragowar salon ofisoshin zamanin mulkin mallaka ne, muka gada muka ci gaba da kwafa daga wasiƙun yayyenmu. Sun daɗe a wurinmu ne saboda sun dace da abin da kunnenmu ke ji a matsayin ladabi.

"Help me and consider me" ta fi gaisuwar illa. Tana mayar da mai neman aiki mai neman taimako, alhali ma'aikatar ce ke da gurbin da take neman wanda zai cike mata. Sai kuma "I will try my best", wadda ta daɗe tana ba ni sha'awa. A Hausa ƙoƙari yabo ne. Idan aka ce wane ya yi ƙoƙari, ana nufin ya yi abin a yaba, kuma mai ƙoƙari shi ne haziƙi. Ita kuwa "try" a Turanci tana ɗauke da yiwuwar kasawa, wato zan gwada, ko a dace ko a rasa. Jimlar ba ta da kuskuren nahawu ko kaɗan, amma abin da ya fita daga bakin mai rubutu ba shi ne ya isa kunnen mai karatu ba. Haka "I know computer" take. "Na iya kwamfuta" magana ce da ta wadatar a hira, amma a takarda ba ta gaya wa kowa komai ba.

Na san wani zai ce ai mai karanta wasiƙar ɗan Najeriya ne, ƙila ma Bahaushe, kuma shi ma "I am having" yake cewa. Haka ne, kuma ba na cikin masu raina Turancin Najeriya, domin yana da tsarinsa da gurbinsa. Sai dai mai neman aiki bai san hannun da takardarsa za ta faɗa ba. Wanda bai damu da "I am having" ba, ba zai ƙi "I have" ba, amma wanda ya damu zai lura, musamman idan aikin ya ƙunshi rubuta rahoto. Sigar da ba ta ɓata wa kowa rai ita ce ta fi arha.

Da muka zauna, ban fara da gyaran Turanci ba. Na tambaye shi da Hausa me yake yi a wurin aikinsa daga farkon wata zuwa ƙarshe. Sai ga shi yana lissafo abubuwan da ko ɗaya bai shiga wasiƙar ba: shi ke shirya albashin ma'aikata 40 duk wata, shi ke daidaita lissafin asusun banki uku da littattafan kamfanin. Daga nan muka sake rubutawa:

"Dear Sir or Madam, I am applying for the post of Accountant advertised on your website. I have a B.Sc. in Accounting and have worked in the accounts department of a private company since 2021. I prepare the monthly payroll for 40 staff and reconcile three bank accounts in Excel. I would welcome the chance to discuss the role at an interview. Yours faithfully,"

Mun sauya "Dear Sir" ne saboda bai san ko mace ce za ta karanta ba. Mun kuma sauya rufewar bisa al'adar Turancin Birtaniya da makarantunmu ke bi: idan ba a ambaci sunan mutum a sama ba, "Yours faithfully" ake rufewa da ita, idan kuwa an ambata, sai "Yours sincerely".

Kafin ya tura, na sa shi ya yi gwajin da na yi wa ta farkon, wato ya mayar da kowace jimla Hausa kalma bayan kalma. Da ya zo kan "have worked ... since 2021" sai ya tsaya, ya ce ba ta shiga, sai dai ya ce "ina aiki". Na ce masa ya bar ta haka. Jimlar da ya kamata ya sake dubawa ita ce wadda ta koma Hausa ba tare da ya sauya mata komai ba, musamman idan ta fara da "ina", ko tana da "tun", ko ta ƙare da roƙo. Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaya ko zai iya mayar da gaisuwar, ko da layi ɗaya ne. Na ce ya ajiye ta sai ranar ganawa, inda zai yi ta da bakinsa.