Littafin Bashi da Wayar Hannu: Shawara Ga Masu Son Taimakon 'Yan Tireda

Jama'a, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk wanda ya taɓa zama a tireda, ko a Birnin Kebbi ko a Argungu, ya san akwai wani littafi mai lanƙwasasshen bango da ake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. A cikinsa ne rabin jarin mai shago yake kwance. Yanzu kuwa samari masu ilmin kwamfuta suna ta cewa a jefar da shi, a koma ga manhajar waya. Ni ra'ayina shi ne, kafin su rubuta wata manhaja, su fara gane inda littafin nan yake gazawa. Wurare biyu ne kacal: ba ya haɗa jimla da kansa, sa'an nan mutum ɗaya ne ke riƙe da shi.

Ga abin da na gani da idona. Kawuna yana da tireda a Argungu, ni ke taya shi zama idan mun sami hutu. Akwai wani manomin shinkafa da ya daɗe yana ciniki da shi. A farkon damina ya karɓi gero kwano biyu a kan naira 5,000, bayan sati biyu ya karɓi man gyaɗa na naira 2,200. Daga baya ya kawo naira 3,000, amma Kawu ya tafi masallaci, sai ya ba yaron shago. Yaro ya jefa kuɗin a akwati, ya manta bai rubuta ba. Can kuma manomin ya aiko 'yarsa ta karɓi sukari da sabulu na naira 1,800, aka rubuta a wani shafi dabam da sunan da ake kiransa a unguwa.

Da kaka ta yi aka zo lissafi, Kawu ya ce yana binsa naira 9,000. Manomi ya rantse naira 4,200 ce ta rage, domin ya tuna abin da ya biya, ya manta da aiken 'yarsa. Alhali kuwa gaskiyar lissafi naira 6,000 ce. Babu ɓarawo a cikinsu, amma kowa ya tashi yana ganin ɗan'uwansa ya so ya cuce shi. Sai da dattawa suka sa baki, kuma har na koma makaranta mutumin bai sake taka shagon ba. Asarar amana ta fi asarar kuɗin ciwo.

To, wace irin manhaja ce za ta hana wannan? Da fari, kowane mai karɓar bashi ya zama yana da shafi ɗaya tak, wanda aka ɗaure da lambar wayarsa, domin a garinmu mai suna Garba ya fi a ƙirga, lamba kuwa ba ta da takwara. Laƙabinsa da sunan unguwarsa duk su zauna a wannan shafi. Abu uku kawai mai shago zai shigar: wane ne, me ya karɓa ko ya biya, da nawa ne. Rana da ragowar bashi, waya ta sa da kanta. In shigar da ciniki ɗaya ya fi rubutu da biro ɗaukar lokaci, wallahi Kawu ba zai yi sati yana amfani da ita ba, domin mutane na tsaye suna jiran canji.

Na biyu, kuma shi ne babba, duk lokacin da aka rubuta bashi ko biya, mai karɓa ya sami saƙon tes a wayarsa, misali: "Ka biya 3,000. Saura 4,200." Da haka ake yi, ranar da manomin nan ya ba yaro kuɗi bai ga saƙo ba, da ya dawo ya tambaya tun abin yana sabo. Watau littafin ya zama biyu ke nan, ɗaya a shago, ɗaya a aljihun wanda ake bi. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. A ƙasar Indiya ma, manhajoji irin su Khatabook da OkCredit a kan littafin 'yan tireda aka gina su, kuma suna aika wa masu bashi saƙo.

Amma saƙon tes yana da nasa cikas. Malaminmu na kwamfuta ya nuna mana cewa saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya kamar ƙ ko ɗ, sai ya koma 70 kawai, in ya zarce a caji kuɗin saƙo biyu. Saboda haka tilas saƙon ya zama gajere. Ga kuma waɗanda ba su yi boko ba. Su lambobi suna iya karantawa, amma gara a sa wayar mai shago ta faɗi ragowar da murya, da Hausa, a gaban mai karɓa.

Na uku, kada manhajar ta dogara ga intanet. Ta ajiye kome a cikin wayar, in an sami sabis ta kai kwafi can ma'ajiya. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje masu yawa a Jihar Kebbi, ya san takarda da waya duk ruwa yana cin su. Kwafin nan ne kaɗai zai tsira.

Abu na ƙarshe shi ne lokacin biya. Ma'aikacin gwamnati a Birnin Kebbi ƙarshen wata yake jira, manomin fadama kuwa sai ya yanke shinkafa. In waya ta riƙa tura wa manomi tuni kowane sati a tsakiyar damina, cin mutunci ne, balle ma waya ɗaya ake amfani da ita a gida, 'ya'ya su karanta. Saboda haka a rubuta ranar alkawari tun farko, kuma kada tuni ya fita sai mai shago ya danna da hannunsa. Shi ya san wanda aka yi wa rasuwa da wanda gonarsa ta nutse.

Wani zai ce littafi ba ya son caji, ɓarawo kuma ba ya satarsa. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a ƙone shi ba. A riƙe su tare na wata uku, kowace Juma'a a gwada jimlar waya da ta littafi. In sun saɓa, to, akwai cinikin da bai shiga ɗaya daga cikinsu ba, a neme shi tun ba a manta ba.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar kwamfuta, in an yi hutu kowa ya je ya zauna a tiredar unguwarsu, ya ga yadda ake rubuta littafin nan kafin ya taɓa na'ura. Iyayenmu masu shago kuwa, ko da manhaja ko babu, ina roƙonsu su riƙa faɗa wa mai karɓa ragowarsa duk lokacin da ya zo. Allah ya sa mu dace. Haza wasalam.

Daga wani ɗalibi, aji biyu na babbar sakandare.