Kafin ka bar kwamfuta ta kwana tana neman saiti, ka kulle hotunan Gwarzo

Masu koyon horar da samfuri a nan arewa suna yawan gardama a kan hanyar neman saiti, wato lambobin da kake zaɓa da kanka kafin horo, kamar saurin koyo. A ganina gardamar ta fi ƙarfin amfaninta. Ga mai ƙaramin data, yadda ka raba datan ya fi hanyar nema muhimmanci.

A ce kana gina manhajar waya da za ta gane ganyen masarar da tsutsa ta ci, tsutsar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Ka ɗauki hotuna 1,000 a gonaki 50, guda 800 a Kabo, 200 a Gwarzo. Saituna huɗu kake son gyarawa, kuma horo ɗaya yana cin minti goma.

Hanya ta farko kamar gurbin dara take: ka ba kowane saiti ƙima biyar, ka bi kowane gurbi. Shi ne abin da GridSearchCV na scikit-learn yake yi. Biyar sau biyar har sau huɗu ya ba da horo 625, sama da awa 100. Da wutar da muke samu, sai dai janareta ya sha mai. Abin haushin kuma, bayan duk wannan, ƙima biyar kacal ka gwada ta saurin koyo, alhali galibi shi ya fi tasiri.

Wannan ne James Bergstra da Yoshua Bengio suka nuna a 2012: a yawancin ayyuka saituna kaɗan ne ke da nauyi, don haka zaɓen canki-canka ya fi bin gurbi riba. Horo 60 na canke zai gwada saurin koyo iri 60 cikin awa goma. Idan saituna masu kyau sun mamaye kashi 5 cikin 100 na filin da ka shata, damar ka faɗa cikinsu aƙalla sau ɗaya ita ce 1 − 0.95^60, kusan kashi 95. Sharaɗin shi ne ka shata filin daidai, a canki saurin koyo ta ninkin goma-goma:

```python
lr = trial.suggest_float("lr", 1e-5, 1e-2, log=True)
```

Layin nan na Optuna ne, mai bin hanyar Bayes. Yana fara gwaji goma na canke, daga nan sai ya riƙa duba makin baya yana karkata inda ya ga haske. Idan horo yana da tsada, hakan yana rage asara. Amma makin wa yake bi? Na kason tantancewa, hotunan da ka ware don auna kowane gwaji.

Idan hotuna 200 ka ware, samfurin kuma yana cin kashi 80, makin zai iya hawa ko sauka da kusan maki 3 saboda sa'ar hotunan da suka faɗo kason kawai. Lissafin shi ne √(0.8 × 0.2 / 200) ≈ 0.028. To ka gwada saiti 60 masu kusan ƙarfi ɗaya, ka ɗauki na saman. Wanda ya fito da 85 ba lallai ya fi mai 82 ba, hotuna shida ne tsakaninsu. Sa'a ka zaɓa, kuma duk gwajin da ka ƙara, kason yana ƙara zama tambayoyin da ɗalibi ya riga ya gani. Hanyar Bayes ta fi kowa saurin faɗawa nan, don aikinta ke nan, bin makin duk inda ya nufa.

Gane matsalar ba wuya. Ɗauki saituna biyar na sama, ka canza lambar `seed`, ka sake horar da su. Idan na ɗaya ya koma na huɗu, jerin bai da ma'ana, sai ka ɗauki mafi sauƙi da zai yi gudu a ƙaramar waya.

Akwai kuma yoyon da ya fi wannan ɓarna. Hotuna ashirin na gona ɗaya suna da ƙasa ɗaya, haske ɗaya, waya ɗaya. Idan ka gauraya su ka raba, samfurin zai haddace gonar, makin ya yi kyau a banza. Raba hotunan Kabo da GroupKFold gida biyar, lambar gona ta zama `groups`, ka bi matsakaicin makin gidajen biyar. Horo ya ninka sau biyar, don haka rage gwajin zuwa 20. Na fi yarda da 20 ɗin nan a kan 100 na kaso ɗaya.

Za a ce ajiye hotunan Gwarzo 200 asara ce ga mai 1,000 kacal. Akwai gaskiya a ciki, amma manomin da zai buɗe manhajar yana gonar da samfurin bai taɓa gani ba, kuma hotunan Gwarzo ne kaɗai za su kwatanta maka wannan. Ka buɗe su sau ɗaya, bayan ka gama zaɓe. Idan Kabo ta ba ka 85, Gwarzo ta ba ka 76, to 76 za ka rubuta. In ka koma ka taɓa saiti saboda abin da ka gani, su ma sun zama kason tantancewa, sai ka nemi sabbin hotuna a Shanono ko Ƙaraye.