Wanda ya san kalmar sirrin wifi ɗinka, toshe wayarsa ba za ta hana shi dawowa ba

Tun da Starlink ta fara aiki a hukumance a Nijar a shekarar 2025, wifi ya ƙara yawa a shaguna da gidaje daga Madawa zuwa Buza da Keita. Tare da shi kuma ƙorafi ɗaya ke yawo: intanet ya yi nauyi, an duba jerin wayoyin da ke kai, an ga baƙuwa. Shawarar da masu gyaran waya suka fi bayarwa ita ce a toshe ta. A ganina wannan rabin magani ne.

A ɗauki mai shago a kasuwar Madawa, wayoyin mutanensa biyar, amma na'urar ta nuna shida. Ya shiga saitin na'urar, ya buɗe MAC Filter, ya toshe ta shidan. Abin da ya toshe shi ne adireshin MAC, wato lambar shaidar waya mai haruffa da lambobi 12. A da wannan lamba ba ta canzawa. Amma tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi kan nuna wa kowane wifi lambar bogi maimakon ta ainihi. Yaron da aka toshe zai shiga saitin wayarsa, ya zaɓi Use device MAC, ko ya kashe Private Wi-Fi Address idan iPhone ce, ya dawo da wata lamba. Kalmar sirrin tana hannunsa, na'urar kuwa ba ta gane shi ba.

Ana iya gane lambar bogi: idan harafi na biyu 2 ne, ko 6, ko A, ko E. Sai dai wayar matarka ma haka za ta nuna, saboda haka mai saurin toshewa na iya korar na gida.

Canza kalmar sirri kuwa yana fitar da kowa a lokaci guda. Wahalarsa ita ce sai an sake shigar da wayoyi biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, aikin 'yan mintuna. Tsarin WPA2 na karɓar haruffa takwas zuwa sama, amma gara a haura goma sha biyu, kuma ban da lambar wayarka, don ita ake fara gwadawa. A canza ta shiga saitin na'urar ma, wadda sau da yawa ake bari a admin, a kuma kashe WPS.

Shi ma yana da iyaka. Yawancin wayoyin Android da ke kan wifi suna iya nuna lambar QR da wani zai ɗauka ya shiga, ba tare da an faɗa masa komai ba. Idan baƙuwar waya ta sake bayyana kwana biyu bayan canji, to daga cikin biyar ɗin ne aka fitar, kuma wannan magana ce da za a yi da mutanen gida.

Toshewa na da amfani wajen ɗanka da ya ƙi barin waya da dare, har ranar da zai gano dabarar. Mai sayar da wifi ga jama'a kuwa, tikiti mai wa'adi ya fi masa duka biyun.