Na'ura Ta Iya Hausa, Amma Ta San Gwangwanin Madara?

Yau zan ɗan jingine maganar littattafai, in taɓo wani batu da ya shafi 'yan'uwanmu waɗanda ba za su taɓa karanta wannan rubutu ba, sai dai a karanta masu. Ina nufin manoma da 'yan kasuwar ƙauye irin na Wurma ta ƙasar Kurfi, masu cin kasuwar Dutsin-Ma, waɗanda boko bai ratsa su ba. Ban ce jahilai ba, don da yawansu sun yi allo, suna karanta ajami. Matsalar ita ce kwalbar magani da saƙon banki ba da ajami suke zuwa ba, ba ma da Hausa ba.

Ana ta murna cewa wayar hannu ta fara jin Hausa, kuma gaskiya ne. Tun 2013 Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa, a 2024 kamfanin ya ƙara damar mutum ya yi magana da Hausa waya ta rubuta, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLaS mai aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ni ra'ayina shi ne, fassara kalma da kalma ba za ta tsinana wa mutumin Wurma abin kirki ba, matuƙar na'urar ba ta san ma'aunin da yake awo da shi ba.

Bari mu ɗauki misali. Manomi ya sayo maganin ciyawa lita guda. A ce an rubuta a jikin kwalbar 4 L/ha, a gauraya da ruwa lita 200. Ya ɗauki hoton takardar, waya ta fassara, ta faɗa masa da murya: lita huɗu a kowace hekta. Fassara ta yi daidai, babu kuskure ko ɗaya. To sai me? Bawan Allah bai taɓa auna gonarsa da hekta ba. Abin da ya sani shi ne gonar tana cin iri tiya kaza, kuma 'yan ƙwadago kaza ke nome ta a yini. Abin da ke goye a bayansa kuwa famfon feshi ne mai cin lita 16, ma'auninsa kuma gwangwanin madara ne ko murfin kwalbar.

Lissafin da yake bukata ga shi. Ruwa lita 200 zai cika famfon nan sau goma sha biyu da rabi. In aka raba lita 4 na magani a kan haka, kowane famfo zai ci mililita 320, wato kusan ƙaramin gwangwanin madara biyu. Kwalbar da ya sayo kuma famfo uku kawai za ta yi masa da ɗan ragowa, ta rufe rubu'in hekta. Wannan ita ce maganar da za ta amfane shi: Malam, zuba gwangwani biyu a kowane famfo, kwalbar nan famfo uku ce. In bai ji haka ba, zai yi abin da aka saba, ya tambayi mai shago, wanda shi ma sau da yawa ji ya yi an faɗa. In ya rage magani don kwalba ta isa gona, ciyawa ta yi yaushi ta sake miƙewa bayan mako biyu, kuɗi sun tafi. In ya zarce, ya yi asarar magani, wani lokacin har shuka ta ƙone.

Akwai kuma layin da ya fi wannan haɗari, wanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙasan kwalbar maganin ƙwari: kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a girbe, da kuma ko maganin na gona ne ko na ajiya. Mai karatu zai iya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Turawa sun auna sun ƙi. Mu da ba mu da wurin awo, mun dafa mun ci. Na'urar da za ta fara da wannan gargaɗi, tun kafin a tambaye ta, ta fi mini wadda za ta rero dukan takardar daga sama har ƙasa.

Haka abin yake a kasuwa. Dattijo zai ce maka jaka biyar, yana nufin naira dubu, don jaka a bakinsa naira 200 ce. Baƙonsa da ya zo daga Maraɗi kuwa in ya ce jikka, sefa 1,000 yake nufi, in ya ce dala ashirin, sefa 100. Duk Hausa suke yi, amma na'urar da ta koyi harshen daga jaridu da labaran rediyo za ta iya ɗaukar jaka a matsayin abin zuba kaya, dala kuma kuɗin Amurka. Ga kuma Katsinanci. Wanda ke cewa ukku da tahi da mi, a tsakiyar hayaniyar kara, ga kukan awaki ga ƙarar babura, ba irin muryarsa aka fi tarawa aka koyar da waɗannan na'urori da ita ba. In waya ta ji sha ukku a matsayin ukku, wanda ya iya karatu zai duba fuskar waya ya gyara. Wanda bai iya ba fa? Shi ya sa nake ganin dole duk lambar da ta ji, ta maimaita masa da murya, ya amsa da e kafin ta wuce.

Inda na fi sa rai shi ne saƙon banki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mai sayar da akuya ya koyi karɓar taransifa ko yana so ko ba ya so. Saƙo zai shigo, sai ya miƙa wa yaro ko mai POS ya duba masa, wani lokacin ma wanda ya turo kuɗin ne zai karanta masa. Wayar da za ta ce masa an shigo da naira dubu tamanin daga wane, ta raba shi da wannan tallafi mai tona asiri. Sai dai fa alat na bogi ma da murya mai daɗi za ta karanta shi, don ita rubutun da ta gani take faɗa. Maganin wannan shi ne ta tambayo bankin kai tsaye nawa ne a asusu, ba ta dogara da saƙon da ya shigo ba.

Kuma kada ta faɗa da ƙarfi. Wurma gari ne da 'yan bindiga suka afka wa a 2019 suka kwashi mutane, kuma kowa a yankin ya san abin da ake nufi da infoma. Wayar da za ta shelanta a bainar kasuwa cewa Alhaji yana da miliyan biyu ta zama maroƙin da ba a gayyata ba. A kunne ya kamata ta yi raɗa, kamar ana amsa kira.

Saura sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Kurfi da Dutsin-Ma, sai a Disamba aka buɗe. Yawancin waɗannan na'urori sai da data suke aiki, kuma sai a babbar waya, alhali abin da ke aljihun manomi ƙaramar waya ce mai tocila. Aikin da zai kai gare shi sai ya kasance ta lambar da zai kira ya yi magana a amsa masa, lissafi irin na famfo da gwangwani kuma ya zauna cikin waya ko babu sabis.

Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Isa Kaita a kusa. Ɗaliban Hausa da na aikin gona za su iya shiga kasuwannin yankin, da izinin mutane, su naɗi yadda ake ciniki, su rubuta tiya nawa ke cika buhu, su auna gwangwanaye da murafen da manoma ke awo da su. Kamfanin da ke Amurka ba zai zo Wurma ya auna gwangwanin madara ba.