Kyautar ubangida: Abin da ya kamata ɗan Bagudo ya duba kafin ya kai

A ƙasar Bagudo, daga Ka'oje zuwa Illo, daga Tsamiya zuwa Lolo, da wuya ka samu ɗan kasuwa ko direba ko ma'aikacin da ya tsaya da ƙafarsa ba tare da wani ya riƙe masa hannu ba. Wani ne ya koya masa gane shinkafa shanshera mai laima tun kafin a ɗora ta a sikeli, ya nuna masa lissafin sefa da naira, ya kuma tsaya masa a gaban dillalan Malanville lokacin da babu wanda ya san fuskarsa. Idan Allah ya buɗa wa yaro, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya yi wa wannan ubangida kyauta. A ganina yawancinmu muna fara tambayar nawa za mu kashe, alhali akwai tambayoyi biyu da suka riga ta: shin har yanzu sa hannunsa yana da tasiri a kan kayana ko aikina, kuma wane nauyi ne yake ɗauka kullum wanda zan iya sauke masa?

Tambayar farko ta fi nauyi a garin iyaka, domin a nan ubangida sau da yawa jami'in gwamnati ne. Yana iya zama jami'in kwastam da ya koya wa matashi cike takardun fito da kaya, ko shugaban sashe a sakatariyar ƙaramar hukuma da ya horar da shi tun yana sabon ɗauka. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, ya hana jami'in gwamnati karɓar wani abu saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Ya yarje masa kyautar 'yan'uwa da abokai ne kawai, gwargwadon abin da al'ada ta sani, a lokutan da al'ada ta sani. Malamai kuma suna kawo hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, Manzon Allah (SAW) ya tsawatar, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi.

Wannan ma'auni ya isa kowa. Idan tirelarka za ta bi ta gaban teburinsa mako mai zuwa, ko shi zai rubuta rahoton ƙarin girmanka, to ragon da ka kai masa ya zama abin tuhuma, komai tsarkin niyyarka. Kai ka tafi gida ka yi barci, shi kuma ka bar shi da takardar ƙorafi da surutun abokan aiki. Mafita ita ce haƙuri. A jira ya yi ritaya ko a canja masa wurin aiki, kafin nan kuma a tsaya ga gaisuwa, da duba mara lafiya, da gudummawar biki ko suna irin wadda kowane maƙwabci zai bayar.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da mu. Abin da ya fi saurin zuwa hannu a nan shi ne kayan tsallake: buhun shinkafar waje ko mota 'yar Kwatano. Amma an haramta shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa tun 2016, motoci kuma tun farkon 2017. Wanda ya kai wa ubangidansa motar da takardunta ba su cika ba, ya ba shi abin da za a iya ƙwacewa a shingen farko a hanyar Birnin Kebbi, a gaban iyalinsa. Duk abin da ba za ka iya miƙa shi tare da rasidinsa da takardar biyan harajinsa ba, ka bar shi.

Tambaya ta biyu kuwa sai an yi mata bincike. Mu ɗauki misalin dattijon da ya bar fatauci ya koma noman rani a fadama kusa da kogin Kwara, kuma yaransa huɗu da ya yaye suna son su gode masa. Abin da aka saba shi ne kowa ya zo da shadda da turare, har akwatinsa ya cika da yadin da ba zai ɗinka ba. Da sun tambayi babban ɗansa ko uwargida, da sun ji cewa abin da ke hana shi barci shi ne man injin ban ruwa, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ga irin wannan mutum, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya fi rigar alfarma goma, kuma abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, huɗu za su iya idan sun yi karo-karo.

Sai dai ko wannan ma ana kuskure a cikinsa. Kafin a saya, a je gonar. A auna nisan ruwa a rijiyar burtsatsensa a tsakiyar rani, domin injin da ke zaune a kan tudu ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Idan ya fi haka, sai irin wanda ake zurawa cikin rijiya, shi ma sai in faɗin bututun ya ɗauke shi. A duba girman gonar, saboda injin sola yana aiki sosai ne a 'yan awannin da rana ke da ƙarfi, kuma ƙarami ba zai ƙosar da babbar gonar shinkafa ba. A tambayi inda za a ajiye farantan da dare don gudun ɓarayi, da kuma wanda zai gyara idan ya lalace. Sannan a biya kuɗin haɗawa gaba ɗaya. Kyautar da za ta sa dattijo ya sayar da akuya kafin ya more ta, ɗawainiya ce aka ƙara masa.

Na san masu cewa wannan lissafi ya yi yawa, kyauta ai zuciya ce, kuma tsoho ya fi son abin da zai sa a jikinsa jama'a su gani ranar Juma'a. Akwai gaskiya a ciki. Ubangidan da ya wadata ba ya bukatar inji, kuma babbar riga daga hannun yaronsa tana faɗa wa gari cewa tarbiyyarsa ta yi albarka. Amma irin wannan ma ya fi jin daɗin ka ɗauki ɗansa ko jikansa ka koya masa sana'a kamar yadda ya yi maka, ko ka sa wa ɗanka sunansa. Zuciyar ce dai ke sa mutum ya tsaya ya bincika kafin ya saya.

Yadda aka miƙa kyautar ma yana iya gyara ta ko ya ɓata ta. Ka je da kanka, bayan la'asar ko isha'i, lokacin da zaure ba shi da cinkoso. Idan ka aiki yaro da babban kaya, ka ɗora wa dattijo neman tukwici daidai da girman kayan. Kada a ɗauki hoto a watsa a Fesbuk, domin hakan tallata bukatarsa ne, kuma zai sa sauran yaransa da ba su da hali su ji kunyar zuwa. Ka ce, "Baba, ga ɗan abin da ya samu, a sa mana albarka," ka ambaci abu guda da ya koya maka wanda har yau kake ci da shi. Kada kuma kyautar ta zama sallama. Wanda ya kai inji ya ɓace shekara uku ya nuna wa ubangidansa cewa biyan bashi ya zo yi, alhali dattijon yana sa ran ganinsa a zaure kowace Sallah.