Ba Duk Mai Jin Larabci Ne Ke Fassara Takardar Shaida Ba

A makarantunmu na Batsari da Safana akwai malaman da suka yi karatu mai zurfi a wajen Nijeriya, akwai kuma 'ya'yanmu da ke can yanzu. Wasu Azhar suka je a Masar, wasu Jami'ar Musulunci ta Madina, wasu Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wasu kuwa Maraɗi. Takardun da suke dawowa da su da Larabci ne ko Faransanci, alhali ofisoshin da za su tantance su da Turanci suke aiki. Kafin a kai ga hidimar ƙasa, ko rajistar TRCN da ke bai wa malami lasisin koyarwa, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta auna takardar a Abuja, kuma fassara ce matakin farko.

Matsayinmu shi ne, ofishin da zai karɓi takarda shi ke faɗin wanda zai fassara ta. Muna da malaman Larabci da sun fi ƙarfin fassara shafi ɗaya, amma ofis ba zurfin ilimi yake nema ba. Abin da yake nema shi ne wanda za a tuhuma idan an sami ƙarya. Shi ya sa hukumar NYSC ta gindaya cewa a yi fassarar a ofishin jakadancin ƙasar da aka yi karatun, ko a jami'ar Nijeriya da ake koyar da harshen, kuma a zo da asali tare da fassarar. A wajenmu, sashen Larabci na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko na Jami'ar Bayero a Kano, su ne irin ƙofofin da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa. Wadda aka buga a shagon kwamfuta, ko da hatiminta ya kai faifai, ba ta cika sharaɗin ba.

A ƙasashen waje ma kowa da tsarinsa. Faransa da Jamus suna da masu fassara da kotu ta rantsar. Birtaniya ba ta da wannan tsari, amma tana son mai fassara ya rubuta cewa aikinsa daidai yake da asali, ya sa cikakken sunansa da hannunsa da kwanan wata da inda za a same shi. Don haka fassarar da ta wuce a wani ofis tana iya dawowa daga wani.

Mu ɗauki misalin malamin da takardarsa ta ce ya sami "ijaza aliya" da sakamakon "jayyid jiddan" a shekarar 1440 ta Hijira. Mai fassara na gari zai kawo ma'anar kalmomin, ya bar sakamakon a matsayin "mai kyau ƙwarai". Ba hurumin sa ba ne ya mayar da shi digirin koyarwa mai daraja ta biyu, domin auna daraja aikin ma'aikata ne. Shekarar ma tarko ce, saboda 1440 ta faro a Satumbar 2018 ta ƙare a Agustan 2019. Wanda ya zaɓi ɗaya da ka, ba tare da duba rana da wata ba, yana iya sa takardar ta saɓa wa hatimin fasfo. Sai suna: takardar Maraɗi za ta ce Ousmane, ta jarabawar sakandare ta ce Usman. Mai fassara ba ya gyara suna. Mai takarda ne zai je kotu ya yi rantsuwa cewa duka biyun shi ne.

Wasu za su ce wannan wahalar da talaka ce, alhali gwani na nan a unguwa. Ƙorafin yana da tushe, ganin kuɗin mota da halin da hanyoyinmu ke ciki. Amma tun da gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024 saboda badaƙalar takardun bogi, ana yi wa kowace takardar waje kallon tsanaki. Araha ba ta ado: wanda aka mayar daga Abuja ya biya kuɗin tafiya sau biyu, wataƙila kuma rukunin hidimar ƙasa ya wuce shi.

Muna kira ga reshenmu da ya riƙa tattara masu wannan buƙata, wakili ɗaya ya je jami'a ya jiyo sharuɗɗa da farashi a madadinsu. Malamanmu na Larabci da Faransanci kuma su duba kowace fassara kafin a tafi da ita: suna, kwanan wata, kowane darasi, har rubutun da ke cikin hatimi. Kafin kowa ya biya ko sisi, ya nemi sharaɗin ofishin da zai kai takardar a rubuce.