Kafin ka rubuta "mu fito mu kawo canji cikin lumana", tsaya tukuna

Jama'a, duk ranar da aka koma ga akwatin zaɓe a Nijar, masu rubutun wayar da kai za su sake cika shafuka. Shawarata gare su ita ce su fara tsoron kalmomi masu daɗi kafin su ji tsoron zagi. Zagi kowa na gane shi. Kalma mai daɗi ce ke shigar da kai sansanin wani ba ka sani ba.

Dalili kuwa, a ƙasar nan jam'iyyu da kalmomin Hausa na yau da kullum suka yi suna: Tarayya, Nasara, Lumana, Canji, Rahama, Jamhuriya. A zagaye na biyu na ranar 21 ga Fabrairun 2021, Mahaman Usman na RDR Canji ya kara da Bazum Mohamed na PNDS Tarayya. Lumana tana bayan Usman, Nasara tana bayan Bazum. To wanda ya rubuta "mu fito mu kawo canji cikin lumana", ko da zuciya ɗaya ya yi, ya ambaci ɓangare guda sau biyu. Wanda ya ce "Allah ya ba tarayyarmu nasara" shi ma haka. Gyaran mai sauƙi ne: "Ranar Lahadi ka ɗauki katinka, ka je rumfarka, ka zaɓi wanda ka yarda da shi." Ba ta da armashi, amma ba wanda zai ce an saye ka.

Tarko na biyu shi ne kalmar "ya ci". Ranar 23 ga Fabrairu, a zauren taro na Palais des Congrès da ke dab da otal ɗin Gaweye, hukumar CENI ta ba Bazum kashi 55.75 cikin ɗari. Sakamakon wucin gadi ne, Kotun Tsarin Mulki ke da maganar ƙarshe, kuma sai a watan Maris ta yi ta. Usman ya ce shi ya lashe. Yamai ta rikice, an rasa rayuka, an katse intanet kwanaki. A irin wannan rana, "wane ya ci" da "an sace zaɓe" duk fetur ne. Abin rubutawa shi ne: CENI ta bayyana kaza, ɗan takara kaza ya ƙi amincewa, mai ƙorafi kotu zai je.

Wani zai ce ai wannan tsoro ne, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Ban hana ka ra'ayi ba. Rubuta shi daban, ka sa sunanka, ka ce ra'ayinka ne. Amma kar ka sa masa rigar wayar da kai.

Kafin ka tura, musanya sunayen ƴan takarar biyu ka sake karantawa. In ranka ya sosu, rubutun ya karkata. Goge ka sake.